Yadda ake nema wa baƙon ma'aikaci izinin aiki a Najeriya: wanne ɓangare ne na kamfani, wanne ne na ma'aikaci

Abun da na lura dashi a wannan harka shine mutane suna ɗauka izinin aiki takarda ɗaya ce da mutum zai je ofis ya cike ya biya kuɗi a bashi, kamar lasisin tuƙi. Ba haka bane. A Najeriya baƙo baya iya nema wa kansa izinin aiki shi kaɗai ko da jakar dala yake yawo, sai wani kamfani mai rajista ya fara samun gurbin da zai saka shi, sannan ya rubuta wa hukuma cewa ya ɗauki nauyinsa. Dokar shige da fice ta 2015 ta hana duk wanda ba ɗan ƙasa ba karɓar aiki a kamfani sai da amincewar hukuma a rubuce. Toh fayil ɗin yana da masu shi biyu, kuma yawancin ɓata lokacin da na gani daga nan yake tasowa, kamfani na jiran ma'aikaci ya turo abun da ba nasa bane, shi kuma yana can ƙasarsu yana jiran kamfani ya cike masa abun da shi kaɗai ya sani.

Ni aikina a ofishin mulki ne na wani kamfanin casar shinkafa a Kano, kuma zan yi misali da injiniyan da muka ɗauko daga Indiya domin kula da tukunyar turara shanshera da injin tantance launi. Ƙa'idar da nake bi wajen raba aiki mai sauƙi ce. Duk takardar da alkawari ce ga gwamnati, ko bayani akan kujerar aikin da albashinta, ta kamfani ce. Duk takardar da take bayani akan jikin mutumin, sunansa, karatunsa, inda ya taɓa zama, tasa ce kuma shi zai sa hannu. In ka riƙe wannan zaka iya raba ko wane fom ne ko da an canza masa fasali.

Kafin komai: zuwa zai yi ya koma, ko zama zai yi?

Wannan tambayar Alhaji mai kamfani ne zai amsa ta, ba ma'aikaci ba. In mutum zai zo ne ya haɗa inji, ya gwada shi, ya koya wa yara na sati shida ya koma, ba sai an shiga dogon layi ba, akwai izinin aiki na wucin gadi da ake kira TWP. Kamfani ne yake nema a wurin Hukumar Shige da Fice, in an amince sai mutumin ya karɓi bizarsa, kuma baya buƙatar gurbi. Amma in ɗaukarsa za'a yi aiki da albashi duk wata, toh hanyar ita ce gurbi, sai bizar shigowa aiki da ake kira STR, sai katin zama CERPAC, a jere haka, ba'a tsallake ɗaya. Kar wani ya ruɗe ka cewa a shigo dashi da bizar kasuwanci ko ta yawon buɗe ido "in yaso daga baya a gyara". Bizar kasuwanci ta taro ce da ganawa da duba kaya, ba ta tsayawa gaban inji da sifana a hannu bace, kuma ranar da jami'ai suka shigo duba masana'anta kamfani ne zai amsa tambaya.

'Yan ƙasashen ECOWAS kamar Gana da Benin da Togo hanyarsu daban ce, suna shigowa ba biza sannan su nemi katin zama na ECOWAS. Kamaru da Chadi dai ba mambobin ECOWAS bane duk da maƙwabtaka, kar a haɗa su a kwando ɗaya don kawai mutum yana jin Hausa.

Mataki na ɗaya, gurbi. Wannan gaba ɗaya na kamfani ne

Gurbin shi ne ake rubutawa Expatriate Quota, mu dai kota muke cewa. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take bayarwa a Abuja, ba Hukumar Shige da Fice ba, wannan bambancin yana da amfani saboda mutane suna zuwa ofishin imigireshan na jiha suna tambayar kota alhali ba nan ake yinta ba. Kuma abun da yafi muhimmanci ka gane shine kota ba ta mutum bace, ta kujera ce. Ba'a rubuta sunan kowa a jikinta. Abun da za'a rubuta shine an amince wa kamfani kaza ya ɗauki baƙo a muƙami kaza, guda nawa, na tsawon lokaci kaza. Shi yasa zaka iya neman kota tun kafin ka san wa zaka ɗauka, kuma gaskiya hakan yafi, don ita ce take cin lokaci.

Ma'aikaci bashi da abun da zai kawo a nan ko tsinke. Kai ne zaka tattara satifiket ɗin rajistar kamfani na CAC, da kundin dokokin kamfani, da takardar da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, da shaidar biyan haraji, da shaidar wurin da kuke aiki wato takardar haya ko ta mallakar fili, da lasisin sana'ar in sana'arku mai lasisi ce. Mu da yake masana'anta ce mun haɗa da takardun shigo da injina, Form M da takardar jirgin ruwa da rasitan sayen kaya, domin su ne hujjar cewa da gaske akwai injin da yake buƙatar gwani. In akwai hannun jarin baƙi a kamfanin toh akwai ƙarin abu, sai an yi rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC an kuma samu Business Permit daga ita ma'aikatar, sannan littafin ƙa'idojin kota da aka sabunta a 2022 ya ce jarin irin wannan kamfani kar ya gaza naira miliyan 100. Kamfanin da 'yan Najeriya ne kaɗai suka mallaka, kamar namu, baya buƙatar wannan izinin kasuwancin, kota kawai zai nema.

Inda nake so ka zauna ka nutsu shine wurin rubuta sunan muƙami. A fom ɗin akwai inda za'a sa muƙamin, da bayanin aikin, da matakin karatun da ake buƙata, da albashi. Duk kalmar da ka rubuta a nan zata bi ka har ƙarshe. Mu mun rubuta Maintenance Engineer, toh dole wannan kalmomin biyu su fito haka a takardar ɗaukar aiki, a wasiƙar da za'a kai ofishin jakadanci, a fom ɗin da ma'aikaci zai cike, a kan katinsa. Sannan matakin karatun da ka ce ana buƙata shi za'a auna mutumin dashi. In ka cika baki ka rubuta digiri na biyu da gogewar shekara goma sha biyar don a ga kujerar tana da nauyi, sannan wanda ka samo difloma gare shi, kai ka ɗaure kanka da igiyarka. Ka rubuta gaskiyar abun da aikin yake buƙata.

Sai maganar 'yan koyo. Gwamnati bata bada kota don baƙo ya dawwama, manufar itace ya koya wa 'yan ƙasa su karɓa, don haka kowace kujera ana so a haɗa mata 'yan Najeriya biyu masu ilimin fannin da zasu riƙa bin sa suna koyo, da tsarin horaswa a rubuce. Da yawa suna sa sunan direba ko ɗan uwan manaja don cike layi, sai ranar sabunta kota a tambayi takardunsu da shaidar albashinsu a rasa ta cewa. Mu yara biyu muka sa masu babbar difloma a fannin kanikanci, kuma yanzu ɗaya daga cikinsu shi yake riƙe aikin dare shi kaɗai. A ƙa'idar 2022 ɗin, kota ta farko shekara uku ce, ana sabuntawa shekara bibbiyu sau biyu, jimla shekara bakwai. Harkar mai da gas tasu ta fi gajarta kuma sai hukumar NCDMB mai kula da rabon 'yan ƙasa a harkar mai ta fara amincewa, amma wannan ba layinmu bane.

Kuɗin kota kamfani ne yake biya, ta shafin ma'aikatar, ka ajiye rasit. Tun watan Mayu na 2025 aka mayar da yawancin harkar baƙin ma'aikata kan intanet aka kuma sake duba kuɗaɗe, don haka abun da shafin hukuma ya nuna maka ranar da zaka biya shine kuɗin, ba abun da wani ejan ya faɗa maka a waya ba.

Mataki na biyu, takardun da mutum biyu suke sa wa hannu

Da takardar amincewa ta fito sai a koma kan mutumin. Kamfani zai rubuta takardar tayin aiki a kan takarda mai tambarin kamfani, da muƙamin nan dai yadda yake a kota, da albashi, da ranar fara aiki, da wa zai biya gida da tikiti da asibiti. Shi kuma ma'aikaci zai rubuta takardar karɓar tayin ya sa hannu da kwanan wata. Wannan ta biyun tasa ce, kar sakatare ya sa masa hannu don a yi sauri, saboda za'a iya kwatanta sa hannun da wanda ke cikin fasfo. Kuma ka duba kwanan watan, na taɓa ganin fayil ɗin da takardar karɓa ta riga takardar tayi da kwana huɗu, wato mutum ya amsa kafin a kira shi.

Bayan wannan sai babbar wasiƙa, wadda a ganina ita ce zuciyar ɓangaren kamfani. Wasiƙa ce zuwa ga ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar da mutumin yake zaune, ana roƙon a bashi bizar STR, kuma a ciki kamfani yake furta cewa ya karɓi Immigration Responsibility a kansa. Wasu suna kwafe wannan layin kawai basu san me suka ɗauka ba. Ma'anarsa kai ne uban gidansa a idon hukuma tun daga saukarsa har tashinsa, masaukinsa, zamansa bisa doka, da kuɗin mayar dashi gida in ta kama. In ya ɓata ko ya koma wani kamfani a ɓoye, ƙofarka za'a fara ƙwanƙwasawa. Don haka wanda zai sa hannu ya zama darakta ko babban jami'in da yake da ikon ɗaure kamfani, ba ejan ba. A cikin wasiƙar a sa cikakken sunansa yadda yake a fasfo, lambar fasfo, ƙasarsa, muƙamin, da lambar takardar kota.

Kamfani zai tura masa wannan wasiƙar, da kwafin takardar kota, da takardar tayin aiki, da kwafin rajistar kamfani. Daga nan ka cire hannunka, aiki ya koma wurinsa.

Mataki na uku, biza. Nan ma'aikaci ne a gaba

Shi zai cike fom ɗin biza, wanda a da ake kira IMM 22, yanzu a intanet ake cikewa a biya. Sunansa, ranar haihuwa, inda aka haife shi, lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, adireshinsa na can, ko ya taɓa zuwa Najeriya, ko an taɓa hana shi biza ko korarsa daga wata ƙasa, duk wannan shi ya sani kuma shi zai ɗauki alhakin gaskiyarsa. Ina bada shawarar kar kamfani ya cike masa wannan ɓangaren ko da ya roƙa. In ka cike masa "a'a" a tambayar da amsarta "eh" ce, ƙaryar ta zama ta ku biyu.

Amma a cikin fom ɗin nasa akwai wurare kamar uku da bayanin kamfani ne yake shiga, sunan mai ɗaukar aiki, muƙamin da zai riƙe, da adireshin da zai zauna a Najeriya. A nan ne ake samun tangarɗa, don shi zai rubuta abun da yake kansa. Abun da nake yi shine in tura masa saƙo ɗaya gajere mai layi uku, in ce kwafe wannan harafi da harafi, kar ka ƙara kar ka rage. Sunan kamfani yadda yake a satifiket ɗin CAC har da Limited ɗin ƙarshe, ba sunan da ke jikin buhun shinkafa ba.

Abubuwan da zai haɗa daga aljihunsa da akwatinsa su ne fasfo mai sauran aƙalla wata shida da shafukan da ba'a buga komai ba, hotuna, takardar tarihin karatu da aiki, satifiket ɗinsa na makaranta, da katin rigakafin shawara. Wata shida shine mafi ƙaranci amma ni in fasfon mutum saura wata takwas ko goma nakan ce ya sabunta tun yana gida, domin katin zama na shekara za'a yi masa, ba daɗi a ce fasfo ya mutu a tsakiya. Satifiket kuma ofishin jakadanci zai tantance su, in ba da Turanci aka rubuta ba sai an fassara fassarar da hukuma ta yarda da ita. Kuma a ƙasar da yake zaune zai nema, ƙasarsa ko inda ya yi aƙalla wata shida da izinin zama. Namu a New Delhi ya nema. Da a ce yana aiki a Dubai ne da katin zama na can, zai iya nema a can, amma ba zai je yawo wata ƙasa na sati biyu ya ce a buga masa STR ba.

Ga abun da ya same mu a karon farko. Injiniyan ya tura min tarihin aikinsa, a sama ya rubuta Plant Manager saboda muƙaminsa kenan a inda ya baro, shi kuma wanda ya buga takardar tayin aiki a ofishinmu, don ya faranta masa, sai ya kwafi wannan muƙamin maimakon wanda ke cikin kota. Ni ban duba ba, laifina ne. Fayil ya je aka dawo dashi, domin kamfaninmu bashi da gurbin manajan masana'anta, gurbin injiniyan gyara gare shi. Sai da aka sake buga tayi, ya sake sa hannu a takardar karɓa, aka sake wasiƙar ɗaukar nauyi, kusan sati uku suka tafi a banza ga kaka ta shigo shanshera na jibge a sito. Tun daga ranar kafin in tura komai sai na baje takardun a tebur na bi abu uku da biro, suna, lambar fasfo, muƙami. Sunayen Indiyawa ma sai an kula, wani zaka ga a satifiket an taƙaita sunan uba da harafi ɗaya a fasfo kuma an rubuta shi cikakke, toh gara ya yi takardar rantsuwa a can cewa mutum ɗaya ne kafin a tambaya.

In injiniya ne, ko likita, ko malamin makaranta, akwai hukumar sana'a da zai yi rajista da ita a nan, COREN ga injiniyoyi, MDCN ga likitoci. Rajistar da sunansa ake yi da takardunsa, wato tasa ce, amma gaskiya mutumin da bai taɓa taka Najeriya ba bazai san hanya ba, kamfani ne zai ja shi.

Mataki na huɗu, bayan ya sauka

STR ba izinin zama bace, cikakken sunanta ma, Subject to Regularisation, ya faɗa, shigowa ce da sharaɗin za'a daidaita zaman daga baya. Kwana 90 ake dashi. Ka ɗauka ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ranar 10 ga Maris, kwana 90 zai cika 8 ga Yuni. Amma kar ka tsaya lissafi da ka, ka buɗe fasfon ka karanta hatimin da jami'i ya buga da ranar da ya rubuta, ita ce hukuma zata bi. Ni washegarin saukarsa nake ɗaukar hoton shafin bayanansa da shafin biza da shafin hatimin shigowa, kuma a cikin sati biyun farko nake shigar da takardu, don in aka ce wani abu ya ɓata akwai sauran lokaci. In ofishin jakadanci ya bashi ambulan a rufe da takardunsa a ciki, toh na hukuma ne, ka gaya masa tun yana can kar ya buɗe, wasu suna yage shi a jirgi don son ganin me aka rubuta.

Nan kuma ƙwallo ta dawo wurin kamfani. Kamfani ne zai rubuta wa Kwanturola Janar na Hukumar Shige da Fice yana neman a daidaita zaman ma'aikacinsa, ya sake furta ɗaukar nauyi, ya haɗa kota da tayi da karɓa da takardun karatu da aka tantance da kwafin fasfo. Sannan a biya kuɗin CERPAC, wanda da dala ake ƙiyasta shi duk shekara. Daga ƙarshen 2018 dala 2,000 ne a shekara na tsawon lokaci, kuma yana cikin kuɗaɗen da gyaran 2025 ya shafa, don haka a shafin hukumar immigration.gov.ng zaka tabbatar. A al'ada kamfani ne yake biya, kuma in kuna da wata yarjejeniya daban a rubuta ta a takardar tayi tun farko, kar a zo ƙarshen wata a zaftare masa albashi ya tashi hankalin kowa. Wani zai iya kawo maka zancen harajin ɗaukar baƙi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, na dala 10,000 da 15,000, wannan an dakatar dashi a watan Maris na shekarar bayan 'yan kasuwa sun yi ca.

A fom ɗin CERPAC rabon dai irin na baya ne. Bayanin mutum, hoto, sa hannu da ɗaukar hoton yatsu nasa ne, dole ya bayyana da kansa, ba'a aika wakili. Bayanin kamfani, muƙami, lambar kota da ranar ƙarewarta naka ne. Kafin katin ya fito akwai shaidar biya da ta nuna ana kan aiki, ya riƙe kwafi a tare dashi musamman in zai yi tafiya a mota tsakanin jihohi. Fasfonsa kuma nasa ne, in an gama dashi a mayar masa. Na san akwai masu kulle fasfon ma'aikaci a durowa wai kar ya gudu, wannan ba ɗaukar nauyi bane kuma ba zai taimake ka a gaban hukuma ba.

In zai kawo iyali, shi zai kawo takardar aure da takardun haihuwar yara da fasfonsu, kamfani kuma ya faɗaɗa wasiƙar ɗaukar nauyi ta haɗa dasu. Matar tana zaune ne a matsayin mai dogaro dashi, katinta bai bata damar kama aiki ba, in wata makaranta ta so ta ɗauke ta koyarwa sai ita makarantar ta bi nata layin.

Abun da ke biyo baya, wanda kowa yake mantawa

Kati ya fito kowa sai ya miƙe ƙafa, alhali aikin kamfani bai ƙare ba. Duk wata kamfani yana kai rahoton baƙin ma'aikatansa ga hukuma, wa ke kan wace kujera, ɗan wace ƙasa, ina yake zaune, su waye 'yan koyonsa. Ba aikin ma'aikaci bane, bai ma san ana yi ba. Harajin albashinsa shima kamfani ne zai cire ya kai wa hukumar haraji ta jihar da yake zaune, mu ta Kano, kuma rasitan nan zasu yi maka rana lokacin sabunta kota.

Agogo biyu ne suke tafiya kuma basa tafiya tare. Kota tana lissafi daga ranar da ke jikin takardar amincewa, kati kuma daga lokacin da aka yi wa mutumin. A ce kota ta fara a Janairu, mutum bai sauka ba sai Maris, kaga wata biyu sun riga sun tafi kafin ya taɓa inji. Shekara ta farko da ta biyu ba matsala, amma a ta uku in kazo sabunta kati za'a ga saura ƙasa da shekara kota ta mutu, kuma ba'a ɗora kati a kan gurbin da ya mutu. Don haka ni a kalandar ofis ranar mutuwar kota nake fara rubutawa da jan biro, in ja baya wata uku zuwa huɗu in sa ranar fara neman sabuntawa. Shi ma'aikaci abun da ke kansa ya kula da ranar fasfonsa da ranar katinsa ya tuna maka, tunda a aljihunsa suke. Wuce wa'adi yanzu akwai tara ta kullum, ba kamar da ba da ake lallaɓawa.

Katin a ɗaure yake da kamfaninku da wannan kujerar. In kun ƙara masa girma daga injiniyan gyara zuwa manajan masana'anta, sai kuna da gurbin manaja a kota, sannan kamfani ya rubuta neman a sauya masa muƙami a hukumance, ba wai a canza allon ƙofar ofis kawai ba. In wani kamfani a Sharaɗa ko Challawa ya yi masa tayi mai tsoka, bazai ɗauki katinsa ya tafi dashi ba, sabon kamfanin sai yana da nasa gurbin, ya nemi canjin wurin aiki, ku kuma ku bada takardar cewa kun sake shi baku da ja. Haka in maƙwabcinku ya ce a ara masa shi na sati biyu ya duba masa inji, a sani cewa izininsa bai kai can ba.

Ranar da aiki ya ƙare kuma, ko shi ya ajiye ko ku kuka sallame shi, takarda ta ƙarshe ta kamfani ce. Ku rubuta wa hukuma cewa ya bar aiki, a cire sunansa daga kan gurbin, a mayar da katin, ku haɗa da shaidar tafiyarsa kamar tikiti da hoton hatimin fita wanda shi zai turo muku in ya isa. In baku yi ba, a takarda har yanzu yana zaune kan kujerar kuma nauyinsa na wuyanku, sannan in kun samo wanda zai maye gurbinsa za'a ce muku kujerar da mutum a kai. Namu da ya tashi tafiya hutun ƙarshe sai da na bi shi har mota da fotokwafin katin a hannu ina tuna masa ya turo hoton hatimin, ya turo bayan kwana biyu, a satin na kai wasiƙar cire suna.